Kuɗin da aka aiko daga ƙasar waje: wanne ke da haraji, wa zai biya, yaushe ake bayyanawa

Iyayena da yayyena mata, tun da sabuwar dokar haraji ta Najeriya ta fara aiki a ranar 1 ga Janairu, 2026, akwai tambayar da ba ta ƙarewa a zaman ƙungiyoyinmu: idan maigida, ko ɗa, ko ƙani ya aiko kuɗi daga Saudiyya, Libiya, Gana ko Ingila, gwamnati za ta cire haraji a ciki? Tsoron wannan ya sa wasu mata sun daina karɓar aike ta banki, sun koma bi ta hannun mutane, inda kuɗi kan ɓace ba tare da shaida ba. Shi ya sa na ware wannan babi don mu warware maganar a tsanake.

Amsar a taƙaice ita ce: kuɗin da ɗan uwa ya aiko miki don cefane, kuɗin makaranta, magani ko kyauta, babu haraji a kanki. Doka tana ɗora haraji ne a kan abin da mutum ya samu ta hanyar aiki, sana'a ko haya. Amma maganar ba ta tsaya nan ba, domin shi wanda ya yi aikin a can, akwai yanayin da doka ta wajabta masa ya bayyana albashinsa a nan gida. Akwai kuma yanayin da kuɗin da suka zo daga waje samun ki ne ke da kanki. Tambayoyi biyu ne ke raba gardama: kuɗin na mene ne, kuma wanda ya same su mazaunin ina ne a idon doka?

Tambaya ta farko: kuɗin na mene ne?

Kun san yadda muke yi da akwatin ƙungiya. Kuɗi kan shiga akwati ta hanyoyi daban-daban: zubin mako, biyan bashi, tarar makara, da ɗan abin da ake ɗorawa a kan rance. Duk kuɗi ne, amma ranar rabo ba ma kiran su duka riba. To haka hukumar haraji ma take kallon asusunki. Shigar kuɗi kaɗai ba ya mai da su abin biya wa haraji. Sai an duba dalilin shigarsu.

Kuɗin da ke zuwa wa mata daga waje galibi iri huɗu ne. Na farko, kuɗin ciyarwa da kyauta, kamar na abinci, na suna, na asibiti. Na biyu, kuɗin amana, wato an turo miki ne ki sayi fili, ki biya magina, ko ki miƙa wa surukarki. Na uku, rance, wanda za ki mayar. Waɗannan ukun ba samun ki ba ne, don haka babu harajin samu a kansu. Na huɗu shi ne kuɗin da aka biya ki saboda kaya ko aiki: kin ɗinka huluna an kai Jidda an sayar, kin haɗa turaren wuta an aika Yamai, ko kina kula da shagon wani yana biyan ki duk wata. Wannan na huɗun samu ne, kuma a kansa doka take magana, ko da ya biyo hanya ɗaya da kuɗin cefane ya sauka a asusu ɗaya.

Akwai wani wurin da ake yawan ruɗewa. Idan kin ɗebi wani abu daga kuɗin kyauta kin sa a sana'a, jarin kansa ba shi da haraji. Ribar da ya haifar ita ce samun ki. Haka nan idan an sayi gida da kuɗin aike aka zuba 'yan haya, kuɗin hayar samu ne na mai gidan.

Abin da ake ragewa a hanya

Sau da yawa mace kan ce an turo mata kaza amma ƙasa da haka ta gani, sai ta ɗauka gwamnati ce ta cire haraji. Yawanci abubuwa biyu ne suka ci bambancin: ladan kamfanin da ya yi aiken, da farashin canjin da kamfanin ya yi amfani da shi wajen mai da riyal ko dala zuwa naira. Wannan ciniki ne tsakanin mai turawa da kamfanin.

A cikin gida akwai naira 50 ta harajin hatimi da ake cirewa idan aka tura naira 10,000 ko fiye daga asusu zuwa asusun wani. A da mai karɓa ake cire wa, tun daga 2026 kuwa mai turawa ne ke biya. Naira 50 ce kawai, ko dubu goma aka tura ko miliyan. Masu 'yan uwa a Amurka kuma su sani, daga Janairun 2026 ƙasar ta sa harajin kashi 1 cikin 100 a kan aiken da aka biya da tsabar kuɗi a wurin masu aikawa. Can ake cire shi daga hannun mai turawa, bai shafi asusunki a nan ba.

Ban da waɗannan, banki ba ya yanke harajin samu daga kuɗin da suka shigo miki don kawai sun shigo.

Tambaya ta biyu: mai aikowar mazaunin ina ne?

A nan ne nauyin maganar yake. Doka ta raba mutane gida biyu. Wanda take ɗauka mazaunin Najeriya, ana lissafa masa albashinsa da ribar sana'arsa duk inda ya same su a duniya, ko ya kawo kuɗin gida ko ya bar su a can. Wanda ba mazauni ba kuwa, abin da ya samu daga cikin Najeriya kaɗai ake tambayar sa. Riƙe fasfon Najeriya kaɗai ba ya mai da mutum mazauni a wannan ma'anar.

Ma'aunin da aka fi sani shi ne na kwanaki. Duk wanda ya yi kwana 183 ko fiye a Najeriya cikin wata 12, mazauni ne. Kwana 183 wata shida ke nan da ɗan ɗoriya. Ba sai ya yi su a jere ba, ana tara su ne: wata biyu da rani, wata huɗu da damina, da 'yan kwanakin biki, duk a haɗa.

Sai dai kwanaki ba su kaɗai doka ke dubawa ba. Tana kuma duba ko mutum yana da tabbataccen gidan zama a nan wanda ke jiran sa duk lokacin da ya dawo, ko nan ne wurin da ya saba zama, da kuma ko iyalinsa na kusa da manyan harkokinsa na dukiya suna nan. Ma'aikatan jakadancin Najeriya da ke aiki a waje su ma mazauna ne. Ke nan mutum zai iya yin fiye da rabin shekara a waje amma doka ta ci gaba da ɗaukar sa mazauni, idan matarsa, 'ya'yansa, gidansa da kasuwancinsa duk suna gida. Wannan ya shafi yawancin mazajen da ke tafiya ci-rani, don haka kada kowa ya ƙirga kwanaki kawai ya ce ya tsira.

Mu yi lissafin gida ɗaya

Mu ɗauki misalin wata 'yar ƙungiya da mijinta. Shi direba ne. Ya samu aikin tuƙi na wata huɗu a Saudiyya, ana biyan sa riyal 1,500 duk wata. Sauran wata takwas na shekarar yana gida yana saye da sayar da hatsi, inda ya ci ribar naira 400,000 bayan ya fitar da kuɗin saro, mota da buhuna. A cikin wata huɗun nan ya aiko wa matarsa naira 1,500,000 a hankali a hankali. Don sauƙin lissafi mu ɗauka riyal ɗaya naira 400 ne. Farashin yana hawa yana sauka, misali kawai nake yi da shi.

Mu fara da ita. Cikin naira 1,500,000, ta kashe 700,000 a abinci, makaranta da magani, ta ba magini 500,000 ya ɗora ɗaki, ta sa 300,000 a sana'arta ta man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da yardar mijin. Harajinta a kan wannan miliyan ɗaya da rabi: babu ko kwabo. A ƙarshen shekara sana'ar ta ba ta ribar naira 500,000. Wannan samun ta ne, amma bai kai matakin biya ba, domin doka ta yafe naira 800,000 na farko na samun kowane mutum a shekara. Da a ce ribar ta kai naira 1,000,000, sai a cire 800,000, saura 200,000, a ɗauki kashi 15 cikin 100, wato naira 30,000 a shekara.

Yanzu shi. Wata huɗu ya yi a waje, ya kwana a gida sama da kwana 240, don haka mazauni ne ba tare da wata jayayya ba. Albashinsa riyal 6,000 ne, wato naira 2,400,000 a farashin misalinmu. A haɗa da ribar hatsi 400,000, jimillar samunsa na shekara naira 2,800,000.

Ga matakan farko na harajin mutum ɗaya a sabuwar doka:

- Naira 800,000 na farko: babu haraji.
- Naira 2,200,000 da ke biye: kashi 15 cikin 100.
- Naira 9,000,000 da ke biye: kashi 18 cikin 100.

Akwai matakai a sama da waɗannan har zuwa kashi 25, amma na masu samun miliyoyi da yawa ne. A lissafin direbanmu, idan aka cire 800,000 daga 2,800,000, saura 2,000,000. Kashi 15 na wannan shi ne naira 300,000. Wannan ne harajinsa na shekarar. Da a gidan haya yake zaune, doka ta yarda a rage masa kashi 20 cikin 100 na kuɗin hayar da ya biya daga samunsa kafin a yi lissafi, muddin ragin bai wuce naira 500,000 ba. Tunda gidansa ne na kansa, babu wannan ragin.

Ku lura da abubuwa uku a nan. Na ɗaya, an yi lissafin ne a kan abin da ya samu, 2,400,000, ba a kan 1,500,000 da ya aiko ba. Ko sisi bai aiko ba, lissafin bai canza ba. Na biyu, nauyin yana kansa shi kaɗai. A dokar Najeriya kowa da lissafinsa, ba a haɗa samun miji da na mata. Na uku, kuɗin ba sa cin haraji sau biyu don sun bar hannunsa sun shiga nata.

Amma fa duk da nauyin ba a kanta yake ba, tukunya ɗaya suke ci. Idan aka cinye kuɗin kaf, ranar da takardar hukuma ta zo, akuyarta ko rabonta na ƙungiya za a fara kallo. Shi ya sa nake ba da shawara ma'aurata su yi wannan lissafin tun kuɗin suna shigowa, su ware abin da ya kamata.

Idan an riga an cire masa haraji a can fa?

Saudiyya ba ta cire harajin samu daga albashin ma'aikata, shi ya sa a misalinmu babu abin da za a rage. Ƙasashe irin su Gana, Kamaru da Ingila kuwa suna cirewa tun kafin albashi ya shiga hannu. A irin wannan yanayi doka ta ba da dama a rage abin da mutum ya biya a can daga abin da ake bin sa a nan.

Mu ce aikin nan a wata ƙasar ya yi shi, aka cire masa abin da ya kai naira 100,000. Sai a rage wannan daga 300,000, ya biya 200,000. Idan abin da aka cire masa a can ya fi abin da Najeriya za ta karɓa a kan wannan albashin, ba zai ƙara biyan komai a kansa ba, amma kuma ba za a mayar masa da rarar ba. Sharaɗin samun ragin shi ne shaida: takardar albashi da ke nuna abin da aka cire, ko rasidin hukumar harajin can. Wanda ya dawo ba tare da su ba, da wuya ya samo su daga baya. Ku tuna musu tun suna can.

Wanda ya daɗe a waje

Mu ɗauki ƙanin wannan matar. Shekararsa bakwai a Ingila, can matarsa da 'ya'yansa suke, can yake aiki, can yake biyan haya. Yakan zo gida na sati uku a shekara ya sauka a gidan mahaifinsu. Irin wannan ba mazauni ba ne. Albashinsa na can ba ruwan Najeriya da shi, kuma abin da yake aiko wa mahaifiyarsu da 'yan uwansa kyauta ce.

Ranar da ya gina shaguna a garinsu ya ba da haya, labari ya ɗan sauya. Kuɗin hayar daga Najeriya suka fito, don haka suna da haraji a nan ko da bai taka ƙasar ba duk shekara. Idan yayarsa ce ke karɓar hayar a asusunta, ta rubuta a fili cewa wakiliya ce, ta ajiye takardun 'yan haya da sunansa, don kada a lissafa mata kuɗin a matsayin nata.

Tsakanin direban wata huɗu da ƙanin shekara bakwai akwai masu kwantiragin shekara biyu ko uku waɗanda iyalinsu da gidansu ke nan. Su ne ya fi kamata su nemi a tantance matsayinsu a ofishin haraji na jiharsu, a rubuce, maimakon su yanke wa kansu hukunci. Abin da za su riƙe shi ne fasfo mai hatimin fita da shiga, takardar kwantiragi, katin igama ko takardar izinin zama, da takardun albashi. Da waɗannan ake auna kwanaki da kuma inda rayuwar mutum ta fi karkata.

Yaushe ake bayyanawa, kuma a ina?

Shekarar haraji tana farawa ne 1 ga Janairu ta ƙare 31 ga Disamba. Abin da mutum ya samu a shekara, yana bayyana shi zuwa 31 ga Maris na shekara mai bi mata. Direbanmu, idan a 2026 ya yi aikin, zai cike fom kafin ƙarshen Maris na 2027. Ba a jiran sai an aiko takarda.

Mazauni yana zuwa ne hukumar tara kuɗin shiga ta jihar da yake zaune, wadda galibi ke da ofisoshi a yankuna da ƙananan hukumomi. Wanda ba mazauni ba amma yana da samu a Najeriya, lamarinsa yana hannun hukumar tarayya, wadda a da ake kira FIRS, yanzu kuma NRS. Lambar NIN ita ce ke tsayawa a matsayin lambar harajin mutum, don haka a tafi da ita.

A fom ɗin ana rubuta samu ne: albashin waje, ribar sana'a, kuɗin haya. Matar da ba ta da sana'a, abin da aka aiko mata kawai take ci, ba ta da samun da za ta bayyana. Mai sana'a kuwa, ko da ribarta ba ta kai naira 800,000 ba, doka tana so ta bayyana, sai lissafi ya nuna babu abin biya. Bayyanawa daban, biya daban. Tarar ƙin bayyanawa naira 100,000 ce a watan farko, sannan naira 50,000 a kowane wata da ya biyo baya. Jinkirin wata uku ke nan ya kai naira 200,000, wanda zai iya fin harajin kansa.

Ga wadda ke sayar da kaya zuwa waje, riba ake bayyanawa, ba duk kuɗin da suka shigo ba. Idan an turo miki naira 900,000 kuɗin huluna a shekara, kin kashe 550,000 a yadi, zare, ladan masu ɗinki da kuɗin aikawa, samun ki 350,000 ne. Amma sai kina da rubutun kashe-kashen za ki iya nuna haka.

Akwai wata bayyanawar da ake cakuɗa ta da wannan. Wanda ya shigo ƙasa ɗauke da tsabar kuɗi fiye da dala 10,000, ko kwatankwacinsu a wani kuɗin, dole ya shaida wa jami'an kwastan a filin jirgi ko a kan iyaka. Wannan ba biyan haraji ba ne, fom ne kawai ake cikewa. Wanda ya ɓoye kuwa yana iya rasa kuɗin, ya kuma fuskanci shari'a. Ku gaya wa masu dawowa da tarin guminsu na shekaru a jaka.

Inda abin ke lalacewa

Matsala ta farko ita ce cakuɗa kuɗi. Mace ɗaya mai asusu a unguwa sai ta zama hanyar kowa: aiken mijinta, na mijin maƙwabciya, kuɗin ginin wani, da cinikinta, duk a asusu ɗaya. Bankuna suna kai wa hukumar haraji rahoton asusun da ke jujjuya miliyoyi masu yawa a wata. Yawancinmu ba ma kusa da nan, amma wadda ke karɓar kuɗin gini na mutum uku ko huɗu tana iya kaiwa. Idan aka tambaye ta ta kasa rarrabewa, jami'i yana da ikon yin ƙiyasi da kansa, kuma ƙiyasi ba ya sanin wanne ne amana. Alamar kin shiga wannan hali mai sauƙi ce: buɗe saƙonnin banki na wata uku da suka wuce. Idan akwai kuɗin da ba za ki iya faɗin wa ya turo da dalilinsa ba, to lokacin gyara ya yi.

Ta biyu ita ce bi da aiken wani ta asusun ƙungiya. Kada ma'aji ta yarda da wannan ko sau ɗaya, ko don wa. Yana ɓata lissafin rabo, yana sa ƙungiya ta zama kamar tana da kuɗin da ba ta da su, kuma idan tambaya ta taso, masu sa hannu a asusun za a nema.

Ta uku ita ce dogaro da kalmar da aka rubuta wajen turawa. An yi ta yaɗa cewa idan mai turawa ya rubuta "kyauta" shi ke nan an tsira, idan bai rubuta ba za a cire haraji. Rubuta dalilin gaskiya yana da amfani, domin yana taimaka miki tunawa kuma ƙarin shaida ne. Amma rubutun ba ya sauya ainihin kuɗin. Kuɗin huluna da aka rubuta wa "kyauta" suna nan a kuɗin ciniki, kuɗin magani da ba a rubuta musu komai ba suna nan a kyauta.

Ta huɗu ita ce 'yan damfara. Wani zai kira ki ya ce an riƙe aikenki sai kin biya haraji, ya ba ki lambar asusu, ko ya nemi lambar sirrin katinki da lambar da aka turo miki a waya. Ki kashe wayar. Haraji ba a biyan sa a asusun wani mutum, ba a kuma karɓar sa ta kiran waya. Ana biyan sa ne a asusun gwamnati a ba ki rasidi mai sunanki. Idan kina shakka, kira mai aikowar, ko ki je bankin da ƙafarki.

Idan kuma takardar gaske ce ta zo daga hukuma da adadin da ba ki yarda da shi ba, kada ki sa ta ƙarƙashin katifa. Kina da kwana 30 daga ranar da kika karɓa ki rubuta ƙin amincewa tare da dalilanki. Idan kwanakin suka wuce ba ki ce komai ba, adadin yana zama tabbatacce.

Littafin aike

Maganin yawancin waɗannan littafi ne na 'yan makaranta mai shafi arba'in. A ja layi biyar a kowane shafi: rana, wanda ya turo, nawa, na mene ne, inda aka kai su. Ga yadda layi biyu za su kasance:

- 6 ga Yuni. Maigida. Naira 250,000. Ciyarwa. Masara, shinkafa, kuɗin makaranta.
- 20 ga Yuli. Maigida. Naira 500,000. Amana, gini. An ba magini, ya sa hannu.

Kuɗin ciniki a ba su nasu shafin daga bayan littafin, tare da abin da aka kashe. Kada a goge saƙon banki, kuma rasidin da mai turawa ya samu ya ɗauki hotonsa ya turo. Duk kuɗin amanar da kika miƙa wa wani, ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a gaban shaida. Idan rance ne, a rubuta ranar da za a mayar. Wadda ba ta rubutu ta nemi sakatariyar ƙungiya ko ɗanta ɗan makaranta, amma littafin ya kwana a ɗakinta, domin sirrin gidanta ne. Wadda ke da sana'a mai ƙarfi kuma, ya fi mata ta buɗe asusu na biyu don ciniki kaɗai.

Aikin zama na gaba

Kowace mace mai karɓar aike ta zo da littafinta an ja masa layi. Ba sai ta faɗi adadin kuɗinta a gaban jama'a ba. Mai jagorantar zama ta karanto waɗannan misalai uku, ƙungiya ta faɗi wanne ne samu, kuma na wa: ɗa ya turo naira 80,000 daga Libiya don maganin mahaifiyarsa, wata 'yar kasuwa a Maraɗi ta turo naira 120,000 kuɗin atamfofin da aka aika mata, miji ya turo naira 600,000 a saya masa shanu biyu, bayan wata biyar aka sayar da su naira 780,000. A na ukun, a tsaya a fitar da kuɗin dusa, harawa da magani kafin a faɗi ribar, sannan a tambayi wa ya mallaki shanun, domin a kansa ribar za ta hau.